Kitse a hanta: me zai warke in mutum ya bar giyar araƙi?

Tambaya: Likita, yayana ya kai shekara 12 yana shan araƙi a ɓoye. An yi masa hoton ciki a Sinnar, aka ce hantarsa ta yi kitse. In ya daina, za ta koma daidai? Daga wata 'yar'uwa a Mai Wurno.

Amsa: 'Yar'uwa, in kitse ne kaɗai, akwai kyakkyawan fata. Shi ne matakin farko na illar giya a hanta, kuma kusan 9 cikin 10 na masu yawan sha suna da shi ba tare da jin ciwon komai ba. Idan mutum ya bar giya kwata-kwata, kitsen yakan narke cikin mako 4 zuwa 6. Ragewa ba ta wadatarwa, haka ma komawa marisa, don gubar ɗaya ce.

Abin da ke damuna shi ne shekarun nan 12. Hanta takan yi ta kumbura tana warkewa, kowane warkewa yana barin tabo, kamar fatar da ta ƙone. Tabo kaɗan yana iya raguwa a hankali bayan an daina sha. Amma in ya mamaye hantar har ta taurare ta yi ƙulli-ƙulli, abin da muke kira sirosis, ba ta komawa yadda take. Hoton ciki kuwa yakan nuna kitse amma bai cika nuna tabo ba. Saboda haka ki duba takardar gwajin jininsa. Idan sinadarin hanta mai suna AST ya ninka ɗan'uwansa ALT sau biyu, galibi hannun giya ne. Idan filatilet, ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, sun sauka ƙasa da 150,000, ga saifa ta girma a hoto, ina zargin tabon ya yi nisa. A gwada shi ciwon hanta na B da C, da kuma tsargiya, domin a yankunan noman rani na Jazira da Sinnar ita ma tana sa tabo a hanta.

Ko sirosis ɗin ce, kada ki yanke ƙauna. Mai ita da bai fara tara ruwa a ciki ba yana iya shekaru masu yawa yana harkokinsa in ya daina sha, sai dai a riƙa yi masa hoto duk wata 6 saboda kansar hanta. Amma ranar da kika ga idonsa ya yi rawaya, ko ya yi aman jini, ko kashinsa ya yi baƙi kamar kwalta, ko yana barci da rana yana ruɗewa, ku nufi asibiti a ranar. Kada a tsaya jiƙa masa saiwar shawara.

In yana tashi da safe hannunsa na rawa har sai ya kurɓa, kada ya yanke shan shi kaɗai a ɗaki. Cikin kwana 2 zuwa 3 jijjiga da gane-gane na iya kama shi, suna kuma kisa. Ki raka shi wurin likita ya faɗi gaskiyar abin da yake sha, a ba shi maganin da zai tsallakar da shi kwanakin nan tare da bitamin B1.