Market ko Limit: wanne sabon shiga zai danna?

Tambaya: Malam, ina da shagon atamfa a Taminus, Jos. Na buɗe asusun sayen hannun jari a waya, sai manhajar ta ce in zaɓi Market ko Limit. Wanne zan danna?

Alhaji, farashin da kake gani a waya na cinikin da aka riga aka gama ne. Wanda za a sayar maka yanzu yana cikin jerin masu sayarwa, inda aka rubuta Offer ko Ask, kowa da farashinsa da yawan hannun da ya kawo.

A ce kana son hannu 10,000, waya ta nuna naira 20. A jeri akwai mai 2,000 a kan 20, mai 3,000 a kan 20.50, sai mai 5,000 a kan 21.50. In ka danna Market, ka ce wa dillalinka ya sayo ko nawa ne. Zai kwashe mai araha, ya hau na biyu, ya hau na uku har adadin ya cika. Ka yi lissafin naira 200,000, sai ka biya 209,000, ban da la'ada. Ba wanda ya cuce ka, umarninka aka bi.

In kuwa Limit ne, kai ke yanke iyaka. Ka rubuta 20.50, za a saya maka 5,000 na farko a kan naira 101,500, sauran su zauna a layi har a sami mai sallamawa. Kasadarsa ke nan: ana iya tashi kasuwa ba a cika maka ba, ko farashi ya wuce ya bar ka. Ko ya sauko daidai iyakarka ma, wanda ya riga ka shiga layi a wannan farashin shi ake fara sallama. Ka kuma duba wa'adin odar, ta yini ɗaya ce ko sai ka soke, don kuɗinka na riƙe muddin tana nan.

Ni dai sabon shiga Limit nake ba shi, musamman a ƙananan kamfanonin da ba a cika cinikinsu ba, inda tazara tsakanin tayin masu saye da farashin masu sayarwa take da faɗi. Gaskiya ne a NGX, kasuwar hannun jari ta Legas, hannu ba ya hawa ko sauka fiye da kashi 10 cikin 100 a yini, amma kashi goma a jarin ɗan kasuwa ai ba wasa ba ne.

Market yana da ranarsa: hannun babban banki da ake ciniki kullum, adadinka kaɗan, layin farko kaɗai ya ishe ka. Ko a nan, in kana sauri, sa Limit daidai farashin mai sayarwa na farko, galibi take za a cika maka. Wajen sayarwa kuma lamarin juyawa yake: iyakarka ita ce mafi ƙarancin abin da za ka karɓa, jerin da za ka duba kuma shi ne na masu saye, inda aka rubuta Bid.