Lambar da Ke Jikin Ledar Ƙuli-ƙuli

"Maigida, me ya sa kake hana mu haɗa gyadar dillalai biyu a suya ɗaya, kuma kake matsa mana da buga lamba a kan kowace leda, alhali duk gyada ce?"

Ɗana, gyadar da ba ta bushe sosai ba, ko wadda aka ajiye a ƙasa mai danshi, tana yin funfuna, funfunar kuma tana haifar da gubar afalatoksin wadda ke lalata hanta. Suya ba ta kawar da ita, kuma gyada tana iya ɗauke da ita ba tare da ido ya ga komai ba, sai an kai ɗakin gwaji. Saboda haka dole mu san buhun da kowace leda ta fito daga cikinsa.

A ce mun sayi buhu 3 a Dawanau, muka soya su ranar 14 ga Maris, muka buga wa ledojin lamba 1403-B, wato ranar suya da harafin dillalin. A littafi za ka rubuta ƙauyen da gyadar ta fito, da cewa an samu leda 600, katan 12 ke nan, biyar sun tafi shago ɗaya, huɗu wani shagon, uku suna sito. Za ka kuma ware leda biyu daga cikin na sito ka ajiye su har wa'adinsu ya ƙare, domin su za a gwada idan ƙorafi ya taso.

Ranar da gwaji ya nuna guba, ko hukumar NAFDAC ta ba da umarnin janye kaya, sai mu kulle katan ukun da ke hannunmu, mu kira shagunan nan biyu kaɗai, sannan mu yi lissafi: abin da ya dawo, da na sito, da na ajiya, da wanda aka riga aka sayar, dole su cika 600. Idan lissafin bai cika ba, akwai kayan da ke kan kanta ba mu sani ba, kuma yara ne za su ci.

Da a ce ka haɗa gyadar mutum biyu, da lambar ta zama ado kawai. Haka nan idan ka zuba ragowar tunkuzar jiya a cikin ta yau, ka ɗaure kwana biyu da igiya ɗaya, kuma duka biyun za mu janye. Wannan kuskuren ya fi kowanne damuna, domin da niyyar tattali ake yin sa.

Inda littafinmu ke da rauni shi ne bayan dillali, domin sau da yawa yakan tara gyadar kasuwannin ƙauye da dama a buhu ɗaya, sawun ya ɓace a nan. Shi ya sa nake ƙara kuɗi in saya a hannun ƙungiyar manoma da ke rubuta sunan mai gona a jikin buhu.