Rahoton cinikin wata uku a saƙo ɗaya

"Salamu alaikum 'yan uwa. Oga ya turo mini rahoton cinikin Janairu zuwa Maris, shafi 24 a PowerPoint, ya ce in taƙaita shi a layi biyar in sa a guruf ɗinmu na WhatsApp. Ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Na daɗe ina wannan aikin a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano, kuma shafi uku kawai nake nema idan aka miƙo mini irin wannan rahoto: wanda ya nuna jimillar ciniki da adadin da aka ɗora mana, wanda ya nuna yawan katan da suka fita, da na bashin da ke hannun diloli. Sauran na zaman manajoji ne. Masu yawon kai kaya a tsaye za su karanta saƙonka, wataƙila a bakin shago, kuma idan ya yi tsawo WhatsApp zai yanke shi ya sa "Read more", yawancinsu ba za su taɓa wurin ba.

Inda ake yawan zamewa shi ne a ɗauki lambar da ta fi kyau a manna. Bari in ƙirƙiri misali. A ce kun yi cinikin naira miliyan 180, bara a irin waɗannan watanni kuma miliyan 150. Shafin farko zai rubuta ƙarin kashi 20 cikin 100 da manyan baƙaƙe. To leƙa shafin katan. Idan bara an fitar da katan 12,000 a kan naira 12,500, bana kuma 11,250 a kan naira 16,000, to kaya ya ragu da katan 750, farashi ne ya ɗaga kuɗin. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 nake cin karo da wannan a rahotanni. In ka rubuta "ciniki ya ƙaru da kashi 20" ka tsaya nan, yaran da suka san motarsu na dawowa da saura za su gane, kuma daga ranar sun daina yarda da saƙonka. Shi ya sa naira da katan a layi ɗaya suke tafiya a wurina.

Sai ka duba da me ake gwada cinikin. Azumi yana matsowa da kusan kwana 11 duk shekara. A 2024 ƙaramar Sallah ta faɗo a Afrilu, a 2025 kuwa a ƙarshen Maris. Ka ga wanda ya gwada watanni ukun farko na shekarun biyu ya haɗa cikakken azumi da sayayyar Sallah a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma guntu. Ga mai sayar da sukari, madara ko man girki, wannan kaɗai ya isa ya sa lissafi ya yi ƙarya. In haka ta faru, kalma shida sun isa: "azumi duka a ciki yake bana".

Da lambobin misalin nan, in an ɗora muku miliyan 200, ga yadda zan rubuta:

*Cinikin Janairu–Maris: ₦180m, cikin ₦200m da aka ɗora mana (90%).*
Kuɗi ya fi na bara da 20%, amma katan sun ragu daga 12,000 zuwa 11,250, farashi ne ya tashi.
Giɓin ya fi yawa a man girki, musamman wajen dilolin kasuwar Singa.
Bashin da ke waje: ₦35m.
Kafin Juma'a kowa ya turo wa akanta jerin dilolin da suka haura kwana 30 ba su biya ba.

Taurarin nan biyu da ke gefe da gefen layin farko su ke sa WhatsApp ya kaurara rubutun. Layi ɗaya kawai za ka yi wa haka.

Layin bashi ina dagewa a kansa ko da oga bai so ba, don kayan da aka ba dila bai biya ba ana lissafa shi a matsayin ciniki, alhali kuɗin bai shigo asusu ba. Amma jimilla kawai za ka rubuta. Sunan dila da abin da ake binsa, ribar kowane katan, ko wane ne ya zo na ƙarshe a cikin ma'aikata, duk ba na guruf ba ne. Danna ɗaya ake a tura saƙo waje, kuma a kasuwa kowa ya san kowa.

Kafin ka tura, ka sake buga kowane kashi a kalkuleta da kanka, ka kuma tabbata ko jimillar ta haɗa da harajin kaya da kayan da aka dawo da su, domin wani lokaci shafuka biyu a rahoto ɗaya sukan saɓa saboda wannan. Sannan ka tura wa oga shi kaɗai tukuna. In ya amince, ka sa a guruf, ka biyo da cikakken rahoton a matsayin PDF a saƙo na daban don mai son ƙarin bayani.