Gaisuwa da Roƙon Iri: Iyakar Gaisuwa a Saƙon Farko

Tambaya daga garin Mai Wurno na ƙasar Sudan: "Malam, zan aika saƙo ga wani abokin mahaifina, dillalin riɗi a Gadarif, ban taɓa magana da shi ba. Gaisuwa nawa zan yi kafin in faɗi buƙatata?"

Gaisuwar baki ta mutum biyu ce. Ka ce ina kwana, a ce lafiya lau. Ka ce ina gajiya, a ce ba gajiya. Ka tambayi iyali, ka tambayi aiki, kowace tambaya tana jiran amsarta, kuma da jin muryar mai amsawa kake gane lokacin da ya dace ka shiga magana. A rubutu babu mai amsa maka nan take, saboda haka idan ka jera tambayoyin nan duka, ka ɗora wa dattijo aikin amsa su ɗaya bayan ɗaya tun bai san ko wane ne kai ba. Shi ya sa marubuta wasiƙa na dā suke dunƙule su cikin jimla guda, su ce "gaisuwa mai yawa da fatan alheri", sannan su ce "bayan haka", wadda ita ce "amma ba'adu" ta wasiƙun Larabci.

A ganina jimla uku sun wadatar. Ka rubuta: "Assalamu alaikum Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ina fata kuna lafiya tare da iyali baki ɗaya. Ni ne wane, ɗan wajen Malam wane na Mai Wurno, yana gaishe ku." Daga nan sai "bayan haka", ka faɗi abin da ya kawo ka, a cikin wannan saƙon. Jimlar ta uku ce ta fi nauyi, domin sunan mahaifinka shi ne zai buɗe maka ƙofa. Ka bar "ina kwana" da "ina wuni", tunda ba ka san lokacin da zai karanta ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a aika sallama kaɗai a zauna jira, gobe a sake gaisuwa, sai jibi buƙata ta fito. Wannan ne Hausawa suke kira gaisuwa da roƙon iri, wato gaisuwar da aka yi don abin da ke bayanta, kuma dattijo yana hango ta tun daga saƙo na biyu, sai ka ga amsarsa ta koma "lafiya" kawai.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023 gidaje da yawa sun watse, don haka ka fara bincikar halin gidansa wajen mahaifinka. Idan an yi masa rasuwa, saƙon farko na ta'aziyya ne kawai, maganar riɗi ta jira wani lokaci.