Afuwa, haƙuri da uzuri: wace kalma ce ta dace da wanda ya saɓa alkawarin kaya?

Malam, ni baduku ne a nan Sakkwato. Wata Hajiya a Abuja ta ba ni aikin jakunkunan fata 60, na yi mata alkawarin ranar Alhamis. Yau Asabar, 40 kawai na gama, saboda fata ta ƙi bushewa wurin majema. Ta imel muke magana. In ce ta yi haƙuri, ko ta yi mini afuwa, ko ta gafarce ni?

Afuwa za ka nema. Amma bari mu ɗan tsaya a kan "ki yi haƙuri", don ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Dubi ginin jimlar. Umarni ne, kuma aikin da ke cikinta Hajiya aka ɗora wa: ita za ta yi haƙurin. Wanda ya yi laifin bai fito ko'ina ba. Shi ya sa kalmar da za ka faɗa wa wanda aka yi wa rasuwa, ita ce za ka faɗa wa wanda ka taka wa ƙafa a kasuwa. A baka tana wucewa lafiya, domin murya da sunkuyar da kai suna cike abin da ya rage. Imel kuwa ba shi da murya. Hajiya za ta karanta ta a waya, wataƙila masu jiran jakunkunan suna tsaye a kanta, sai ta ji kamar an ce ta danne ta yi shiru. Ban hana ka rubuta ta ba. Ka dai bari ta biyo bayan amsa laifi, kada ta zauna a gurbinsa.

Afuwa daga Larabci muka aro ta, kuma tushenta yana ɗauke da ma'anar shafe sawu, kamar yadda iska ke shafe sawun tafiya a rairayi. A Hausa tana kuma da ma'anar sauƙi, shi ya sa muke ce wa majinyaci Allah ya ƙara afuwa. Wanda ya ce "ina neman afuwa" ya riga ya yarda akwai abin da za a shafe, kuma shi ne mai roƙo. Gafara ita ma ta Larabci ce, asalinta rufewa, sai dai ta yi wa cinikin jakunkuna nauyi. Ka bar ta ga Ubangiji da iyaye, ko a inda muka saba jin ta: Allah gafarta Malam, gafara dai masu gida.

Sai abin da ya fi duka damuna, wato "an samu jinkiri". Wa ya same shi? A ina aka tsince shi? Wannan "an" Hausa ta tanade shi don kunya da kara, kamar a ce "an haihu a gidanmu", amma 'yan kasuwar yanzu sun mayar da shi bangon ɓuya. Ka rubuta "na saɓa". Ga yadda zan tsara maka wasiƙar:

*Kan saƙo: Jinkirin jakunkuna 60, da ranar da za su iso*

*Assalamu alaikum Hajiya, ranki shi daɗe.*

*Na yi miki alkawarin jakunkuna 60 ranar Alhamis 10 ga wata, kuma na saɓa. Ina neman afuwa, musamman da ban sanar da ke tun kafin ranar ba.*

*Dalili shi ne fatar da na saya wurin majema ba ta bushe a kan lokaci ba saboda damina, ni kuma ban lissafa da hakan ba lokacin da na sa rana.*

*Guda 40 sun kammala. Zan sa su a mota gobe Lahadi 13 ga wata, in turo miki lambar direba da zarar sun tashi. Sauran 20 zan sa su a mota ranar Asabar 19 ga wata in sha Allahu, kuma kuɗin motarsu a kaina. Idan wannan bai yi miki ba, zan mayar miki da kuɗin guda 20 ɗin a ranar da kika ce.*

*Na gode da haƙurinki.*

Ka ga inda haƙurin ya koma: ƙarshe, kuma ya zama godiya. Ka kuma lura dalilin jimla ɗaya ce, rabinta ma a kanka ta faɗa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Idan ka cika layi biyar da labarin majemi da bagaruwarsa da hadarin da ya ƙi washewa, Hajiya za ta gane a kan wane tudu kake tsaye. Ita ba ta yi ciniki da majemi ba.

Amma kada ka rubuta 19 ga wata sai ka je ka taɓa fatar da hannunka. Alkawari na biyu idan ya karye, babu kalmar da za ta ɗinke shi.

Mene ne bambancin dalili da uzuri?

Dalili yana faɗin abin da ya faru. Uzuri yana neman a ɗauke maka zargi saboda abin da ya faru. Ka ba da na farko, ka bar wa abokin ciniki ya yi maka na biyu idan ya ga dama.

Malam, zan iya sa karin magana a irin wannan wasiƙa? Na yi tunanin "wani jinkirin alheri ne".

Ɗana, kada ka soma. Wannan magana ta wanda aka jinkirta wa ce, shi ke faɗin ta don ya lallashi kansa, ko ya sauƙaƙa maka kunya. Idan ta fito daga bakin wanda ya jawo jinkirin, ta zama rainin hankali. Haka "tsautsayi ba ya wuce ranarsa". Karin magana yana da mai shi a kowane zama, kuma wannan ne abin da masu tara su daga littafi ba sa koya.

Wanda ya kamata ka riƙe a zuciya, ba a takarda ba, shi ne "mun gaji da gafara sa, ba mu ga ƙaho ba". Wasiƙar da ta ce "nan ba da jimawa ba" ko "muna iya ƙoƙarinmu" gafara sa ce. Ƙahon shi ne rana, da adadin kayan, da wanda zai biya kuɗin mota. Ko jibi da gata da citta, duk da ina ƙaunarsu, ba su isa su kaɗai ba, domin ba ka san ranar da za a buɗe saƙon ba. Ka haɗa su da sunan rana da kwanan wata. "In sha Allahu" kuma wurinta bayan ranar da ka ambata. Abin takaici ne yadda wasu suka mayar da ita madadin ranar, har mai saye ya ji ta gabansa ya faɗi.

"Kaya sun yi latti" Hausa ce?

Aro ce daga Turanci, amma ta zauna, ba zan kore ta ba. A rubutu dai na fi son jinkiri. Makara kuwa ta fi dacewa da mutum, wanda ya makara sallar asuba ko mota ta tashi ta bar shi.

In rubuta "ranka ya daɗe" ko "ranka shi daɗe" ga wanda ba Basakkwace ba?

Rubuta taka. Babu Bahaushen da zai kasa gane ta.