An ba ni aiki amma albashin da ranar farawa ba su yi min ba

Baba Malam barka da warhaka. Ina aikin sito a wani shago nan Birnin Kebbi, dubu 120 ake ba ni a hannu kuma gidanmu nake kwana. To wani kamfanin shinkafa a Argungu sun kira ni bayan intabiyu sun ce za su ba ni dubu 150 a wata. Ina son aikin wallahi amma ina ganin kuɗin ba zai isa ba, kuma ina tsoron in yi magana su fasa. Mi zan yi? Daga ƙanenka a Badariya.

Ƙanena kwantar da hankalinka, kamfanin da ya tace mutane har ya zaɓe ka ba zai kore ka don ka yi tambaya cikin ladabi ba. Amma kafin ka buɗe baki ka san mene ne dubu 150 ɗin nan. Shin shi ne zai shigo akawun ɗinka, ko jimla ce kafin a cire komai? Yawancin kamfanoni jimlar suke faɗa. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga ɓangaren ma'aikaci, kamfani ya zuba kashi 10 nasa. In duka kuɗin aka lissafa, dubu 12 ta tafi ke nan. Haraji kuma zai ɗauki dubu goma da wani abu. Abin da alat zai nuna maka bai wuce dubu 127 zuwa 128 ba. Ka ga ƙarin da kake gani na dubu 30 ya koma bakwai ko takwas, kuma a Argungu ba gidan babanka, sai ka kama ɗaki ka biya shekara gaba ɗaya, ka sayi abinci, ga kuɗin mota duk ƙarshen mako in za ka leƙo gida. Kuɗin fanshon naka ne, yana can ajiye da sunanka, amma ba zai biya maka haya ba bana.

To yadda za ka yi. Ka fara da godiya, ka nemi su turo maka takardar ɗaukan aiki da bayanin yadda aka raba kuɗin, ka roƙi kwana biyu ka duba. Sannan ka rubuta wa wanda ya sa hannu a takardar, ba yaron da ya kira ka a waya ba, wani abu kamar haka: "Ranka ya daɗe, na gode ƙwarai da wannan dama kuma ina da niyyar karɓa. Na duba lissafin, bayan fansho da haraji kusan daidai yake da abin da nake samu yanzu, ga shi zan tashi daga Birnin Kebbi in kama haya. Na yi shekara uku ina riƙe da sito da littafin shige da ficen kaya. Ko zai yiwu a duba a kai shi dubu 175? In hakan ya samu a shirye nake in sa hannu." Shekarun ka sa naka na gaskiya.

Ka lura adadi ɗaya na sa, ban ce "a ɗan ƙara min wani abu" ba, don mai cewa haka dubu biyar ake jefa masa kuma dole ya yi godiya. Kada ka kawo zancen aure da za ka yi ko ƙannen da kake ciyarwa, manaja ma yana da nasa. Sau ɗaya ake tambaya. In sun ce tsarinsu ne ba ya taɓuwa, ka tambayi ɗaki a kwatas ɗin ma'aikata, ko alawus na gida, ko a sake duba albashin bayan watannin gwaji.

Nan ne fa nake so in ja kunnenku duka, don wannan abu ya ishe ni. "Ka fara kawai, in sha Allahu bayan wata uku za mu gyara." Sai yaro ya ce to, yana jin kunyar ya ce a rubuta wai kada a ga kamar bai yarda da babba ba. Wata uku ta cika, manajan an mayar da shi wani reshe, sabon ya buɗe fayil bai ga komai ba, akanta kuma abin da ke takarda yake biya ba abin da aka faɗa a bakin ƙofa ba. Ba dole ne mai alkawarin maƙaryaci ne ba, mutum yana mantawa, yana barin aiki, yana mutuwa. Ko bashi addininmu cewa ya yi a rubuta, to mene ne abin kunya a kan guminka? Layi ɗaya ya isa, "za a kai albashi dubu kaza daga wata kaza", da sa hannu. Ko imel ne ka adana shi. Wanda ya ji haushi don ka ce a rubuta, dama bai yi niyyar cikawa ba. Kuma don Allah kada ka je ka sallami maigidanka na yanzu saboda kiran waya, sai takardar da aka gyara ta zo hannunka ka karanta adadin da idonka. Na ga masu yin sallama har da rabon goro, sannan kamfani ya ce an ɗage ɗaukan sai bayan kaka.

Baba ina koyarwa a makarantar kuɗi a Gusau shekara uku ke nan, wata ƙungiya ta ɗauke ni sun ce in fara Litinin mai zuwa. Yarana suna dab da jarabawa, ban san yadda zan ce su jira ni ba, ko barci ba na yi.

Ɗiyata, naki ya fi sauƙi, kuma damuwarki da yaran nan alama ce mai kyau. Ɗaga ranar farawa ba ya cin kuɗin kowa shi ya sa an fi yarda da shi. Duba takardar da makarantar ta ba ki, in ta faɗi tsawon notis shi za ki bi, sau da yawa wata ɗaya ne. In ba ta ce komai ba, dokar ƙwadago ta sa mako biyu ga wanda ya yi shekara biyu zuwa biyar. Ki kira su yau, ba daren Lahadi ba, ki ce kin karɓa da farin ciki, amma akwai notis a kanki da jarabawar ɗalibai, za ki iya farawa ranar kaza ga wata. Rana takamaimai, ba "nan gaba kaɗan" ba. Ki ce kafin nan za ki kawo takardunki ki cike fom, in akwai horon sababbin ma'aikata na kwana ɗaya ko biyu ki nemi izini a makaranta ki halarta. Abu ɗaya, ƙungiyoyin nan aikinsu na da wa'adi, in sun ce mako biyu kawai za su iya jira to ki karɓa, ki je ki zauna da shugabar makarantar ku tsara wadda za ta yi makin takardun. Sabuwar ranar ita ma su turo miki a rubuce.

An ɗauke ni aikin gwamnati mataki na 8, ya zan yi in ce su ninka albashin?

Wa za ka ce wa? Albashin gwamnati jadawali ne, mataki da daraja, kowa a layinka abu ɗaya yake ɗauka. In kana da digiri na biyu ko shekarun aiki da ba a lissafa ba, rubuta takarda ka haɗa shaida a duba matakin da aka ajiye ka. In babu, je ka kama aiki.

Wani ya ce in turo dubu 40 zai riƙe min gurbin har in gama bautar ƙasa, har takardar ya turo min ta wasap.

Kada ka tura ko sisi. Mai ɗaukan aiki shi ke biyan ka. Ɗauki takardar ka je ofishin da sunansu ke sama ka nuna a teburin ma'aikata, ka tambaya ko sun san lambar da ke jikinta.