Yadda Muke Kwatanta Zane da Riga a Zangon Kumasi

'Yata, saƙonki ya iso ni, kuma na fahimci abin da ya ɗaure miki kai. Kin ce a hotunan sunan da na aiko, zanen wasu matan ya kwanta sumul tamkar an ɗinke shi a jikinsu, na wasu kuma ɗaurarre ne irin wanda kika saba gani a Kano, sannan kina son sanin abin da za ki faɗa wa mai ɗinki a nan game da ankon bikin da za ki zo mana, tunda ba za ki samu isowa a gwada ki ba sai ana gobe ɗaurin aure. Idonki bai yaudare ki ba, domin kaya iri biyu ne kika gani, kuma kowanne da yadda ake kwatanta shi.

Mu da kakanninmu suka biyo fataucin goro suka zauna a ƙasar Asante, mun riƙe zanenmu, amma mun tarar da matan ƙasar da nasu tsarin da ake kira kaba da silit. Kaba riga ce mai kama jiki wadda ake yi wa shafi da zif, silit kuwa dogon siket ne ɗinkakke mai tsaga, wanda daga nesa za ki ɗauka zane ne. A kasuwar Kumasi yadi shida, wato abin da kuke kira turmi a Kantin Kwari, shi ake kira rabi, cikakken kuwa yadi goma sha biyu ne. Wanda bai san wannan ba yakan yi ciniki shi da mai kaya kowa da abin da yake nufi. Al'adar masu ɗinkin nan ita ce su raba yadi shidan uku daidai: biyu na kaba, biyu na silit, biyun da suka rage kuma a kalmashe bakinsu a bar su falle guda, wanda mace take yafawa a kafaɗa, ko ta ɗaura a kan silit ɗin, ko ta yi goyo da shi. A wannan rabon ba a ware wa ɗankwali komai ba, shi ya sa matan zango da yawa suke haɗawa da mayafi daban.

Saboda haka kalmar farko da za ta fito a saƙonki ita ce, zanen ɗaurawa kike so, ba na zurawa ba. Na koyi wannan da kuɗina. Shekarun baya na aika wa wata mai ɗinki atamfa mai tsada ta hannun yarinya, na ce a yi mini zane da riga, ban ƙara komai ba. Ranar da aka kawo na warware, sai ga silit da tsaga har kusa da gwiwa, an yanka an haɗe, babu sauran gyara. Ban ga laifinta sosai ba, domin abin da ta saba ji ke nan idan an ce sama da ƙasa. Tun daga ranar nake cewa a bar mini falle, kada almakashi ya taɓa shi sai inda za a raba shi da sauran yadin, a kalmashe gefe biyun da aka yanka kawai.

Bayan wannan sai batun tsawon fallen, kuma a nan ne yawancin zannuwa suke lalacewa tun ba a ɗaura su ba. Cewa yadi biyu ba awo ba ne, sabo ne. Yadi biyu inci 72 ne, kalmasa ta ci kamar inci 2, saura 70. Abin da za a duba shi ne nawa zai rage ya hau kan ɗan'uwansa bayan zanen ya zagaye jiki sau ɗaya. Ki ɗauki mace mai faɗin kwankwaso inci 44: idan aka cire 44 daga 70, inci 26 ne zai hau, wanda ya fi rabin zagayen jikinta, don haka gabanta duka ninki biyu ne, za ta zauna a tabarma ta miƙe, ta hau mota ta sauka, ƙafarta ba ta fito ba. Wannan fallen kuma a jikin mai inci 52 inci 18 kawai zai hau, bakin zanen zai tsaya a tsakiyar cinya maimakon ya kai gefe, sai ki gan ta tana tafiya hannu ɗaya riƙe da zane. Lissafin da nake bi shi ne fallen ya kai awon kwankwaso sau ɗaya da rabi. Mai inci 52 tana bukatar 78, wato yadi biyu da kwata zai wadace ta har da kalmasa. Kada kuma a zarce da yawa don neman tsira, domin zanen da ya kusa zagaye jiki sau biyu yakan ɗaure ƙafa, ya tara kaya a ciki, rigar ta ƙi kwanciya a kansa.

Awo na biyu shi ne daga inda kike ɗaura zane zuwa idon sawu, kuma ina nufin ainihin inda kike ɗaurawa, domin wata a kan cibiya take ɗaurawa, wata a ƙasa da ita. Faɗin atamfa ba ya canzawa sosai, yana tsakanin inci 45 da 48 gwargwadon kamfanin da ya buga ta, kuma shi ne yake zama tsayin zanen a jiki. Idan awonki 40 ne, faɗin yadin kuma 46, kina da rarar inci 6, kuma wannan rarar ita ce ɗaurin kansa, domin ita ake naɗewa a ƙugu ta riƙe haɓar da aka soke. Doguwar mace mai awo 44 rarar inci 2 gare ta, ko dai ta ɗaura zanen ya ɗage sama da idon sawu, ko ta sauke shi ya riƙa kwancewa. Maganinta shi ne a ƙara ƙyalle mai faɗin inci 4 ko 5 a bakin sama, inda riga za ta rufe shi. A faɗa wa mai ɗinki a sama za a ƙara, don na taɓa ganin wanda aka ƙara a ƙasa, layin ɗinkin ya ratsa zanen furannin, kowa yana gani.

Game da ɗaurin, mu ma a hagu muke ƙarewa kamar yadda iyayenmu mata suka koya mana. Mace takan riƙe fallen ta bayanta, ta ɗan ware ƙafafunta, ta kawo haɓar hannun hagu ta kai ta kwankwason dama tana ɗan ɗaga ta sama, sannan ta jawo ta hannun dama ta rufe gaba ta soke a hagu. Ware ƙafar shi ne yake barin wurin taku, wadda ta ɗaura ƙafa a haɗe kuwa za ta yi tafiyar hawainiya ko zanen ya saki. Ɗaga haɓar ciki kuma shi ne yake hana bakin ciki leƙowa ta ƙarƙashin na waje, wanda shi ne alamar farko da tsofaffi suke gane ɗaurin gaggawa da ita. Abin da ya shafi mai ɗinki a nan shi ne igiya. Sabuwar atamfa mai tauri tana riƙe kanta, amma leshi da yadi mai santsi ba sa riƙe sokewa, sai an sa musu igiya. Idan kina so, ki rubuta cewa kullin a hagu zai zauna, igiyar haɓar ciki ta zama doguwa, kamar inci 30, domin ita ce za ta bi ta baya ta zagayo, ta haɓar waje kuma rabin haka ya ishe ta. Idan aka yi su daidai da juna, kullin yakan faɗo tsakiyar baya ko kan cibiya, ya yi tudu a ƙarƙashin riga.

Rigar ita ce inda muka fi bambanta da ku. Buba mai yalwa tana yafe kurakurai da yawa, amma rigar da 'yan matanmu suka aro daga kaba tana kama ƙugu, kuma an tsara ta ne don ta zauna a kan silit, wanda ba shi da naɗi ko kulli. Idan za a sa ta a kan zanen ɗaurawa, dole ne a auna ƙugu da kwankwaso bayan an ɗaura zane, ba a kan rigar barci ba. Naɗin da kullin sukan ƙara inci 2 zuwa 3, kuma idan ba a lissafa su ba, zif ya ƙi rufuwa daga ƙasa, ko ya rufu rigar ta riƙa hawa sama duk lokacin da aka ɗaga hannu. Tsawonta kuma a auna daga kafaɗa har ya wuce kullin da kamar inci 4. Ni dai a ganina gara ta ɗan buɗe daga ƙugu zuwa ƙasa, ko a yi mata ƙananan tsaga a gefe, da ta matse kan naɗin har siffarsa ta bayyana. Ki faɗi zurfin wuya gaba da baya da lamba, ki faɗi tsawon hannu, domin wuyan kaba yana da faɗi, kuma kalmar madaidaici ba ma'ana ɗaya take da ita a Kano da Kumasi ba.

Saura abu ɗaya da ba a cika tunawa da shi ba sai an sa kayan, wato inda adon atamfar yake kallo. Ankonmu na bana yana da tsuntsaye, kuma a zane tsawon yadin ne yake zagaye jiki. Idan mai ɗinki ta yanka rigar ta ɗaya fuskar don ta yi tattalin yadi, tsuntsayen zane za su tsaya, na riga kuma su kwanta a gefe. Ki rubuta cewa a yanka riga yadda adonta zai kalli inda na zane yake kallo, sannan ki zaɓi bakin da zai zama ƙasa. Wasu matan nan suna son bakin da yake ɗauke da rubutun kamfani ya sauka ƙasa don a san abin da suka saya, ni kuwa nakan sa a mayar da shi sama ya shige cikin naɗi.

Idan kwankwasonki bai wuce inci 46 ba, yadi shida zai fitar miki da zane yadi biyu, riga yadi biyu, ɗankwali yadi ɗaya, har a samu ragowar igiya da ƙari. Sai dai ki ambaci ɗankwalin da sunansa, in ba haka ba za a kalmashe miki yadi biyun ƙarshe a matsayin falle na uku. Ki ɗaura zanen da kika fi jin daɗinsa, mahaifiyarki ta auna ki a tsaye, ki rubuto lambobin da inci, ki kuma haɗo hoton gefen hagunki inda kullin yake. Ina son su iso kafin ƙarshen mako, domin da zarar biki ya matso masu ɗinkin unguwarmu ba sa karɓar sabon aiki.